Me ya sa amsa iri ɗaya take ci a wata takardar, ta faɗi a wata?

Tambaya: Malam, ina aji shida na sakandare, bana zan rubuta WAEC da NECO. A jarrabawar gwaji malamin Gwamnati ya rubuta min "amsa ta yi gajarta", malamar Turanci kuma ta ce na cika surutu a taƙaitawa, na Lissafi ya ba ni maki ɗaya cikin huɗu alhali amsata kusan daidai ce. Shin kowane mai makin da irin halinsa ne? Ta yaya zan gane abin da kowannensu yake so?

Amsa: 'Yata, malaman nan uku duk sun yi miki gaskiya, kuma babu wanda ya yi son ransa. A jarrabawar WAEC da NECO mai makin ba ya zuwa da ra'ayinsa. Kafin a miƙa wa kowa takardun ɗalibai, ana tara masu makin kowane darasi a yi zaman daidaitawa. Babban mai jarrabawa da shugabannin rukuni su raba tsarin rabon maki, wanda malamai ke kira makin-sikim, a bi shi layi-layi, sannan kowa ya yi makin kwafin wasu takardu iri ɗaya a gwada, har hannu ya zo ɗaya. Bayan an fara aiki ma shugaban rukuni yana zarar wasu takardu daga cikin waɗanda mutum ya gama ya sake dubawa. Saboda haka halin da kike gani na takardar ne. Kowane darasi da abin da tsarinsa yake biya: Lissafi yana biyan matakin aiki, Bayoloji yana biyan kalmar da ta dace a wurin da ya dace, Gwamnati tana biyan hujja da bayaninta, taƙaitawa a Turanci kuma tana biyan jimla guda tsaf, tana cin tarar duk abin da ya ƙaru a kanta. Tambayoyin da Turanci za su zo miki, amma zan kawo misalan da Hausa don ma'anar ta fito.

Mu fara da Lissafi, tunda nan ne abin ya fi fitowa fili. A gefen takardar da aka yi wa makin za ki ga haruffa uku: M, A da B. M makin hanya ne, wato kin ɗauko dabarar da ta dace kin sa lambobin a cikinta. A makin daidaiton amsa ne, kuma a rataye yake da M: idan ba a ba ki M ɗin da ke gabansa ba, A ba ya zuwa. B maki ne mai cin gashin kansa, irin na zane ko na wata gaskiya da aka rubuta daidai. Ga tambaya: an jingina tsani mai tsawon mita 8 da bango, ya yi kusurwa 65° da ƙasa, a nemo tsayin da ya kai a jikin bangon, a kawo amsa a lambobi uku masu muhimmanci. A ce maki huɗu aka ware mata. Rabon zai yi kama da haka:

zanen alwatika mai nuna 8 m da 65° da h (B1)
sin 65° = h/8 (M1)
h = 8 × 0.9063 (M1)
h = 7.25 m (A1)

Yanzu dubi yadda ɗalibai uku za su rabu. Ta farko ta yi zane, ta rubuta layuka biyun, amma ta taƙaita 0.9063 zuwa 0.91 tun a tsakiya, sai ta samu 7.28. Ta ci uku, ta rasa ɗaya. Ta biyu ta yi zane, ta danna kalkuleta, ta rubuta 7.3 kurum. Ta ci ɗaya na zanen, domin babu hanyar da mai makin zai gani ya biya, kuma amsar ba ta zo a lambobi uku da aka nema ba. Ina kyautata zaton abin da ya same ki ke nan. Ta uku ta rubuta cos a wurin sin, ta yi ninkinta daidai babu kuskure ko ɗaya, amma duk a banza, tunda hanyar tun farko ba ita ba ce. Abin da za ki ɗauka daga nan shi ne ki rubuta kowane mataki a layinsa, ki riƙe aƙalla lambobi huɗu bayan ɗigo har sai layin ƙarshe, ki sake karanta wutsiyar tambayar kafin ki taƙaita amsa, kuma ki sa ma'auni, mita ce ko naira ko digiri. Bayanin baki ba shi da kasuwa a nan. Jimla biyar kan dalilin da ya sa kika zaɓi sin ba za ta ƙara miki ko rabin maki ba, sai dai ta ci miki lokaci. Takardar tiyori ta Lissafi a WAEC maki 100 ce cikin awa biyu da rabi, ke nan kowane maki minti ɗaya da rabi ya tashi. Tambayar maki huɗu idan ta wuce minti shida, bashi kika fara ci.

Gwamnati kuwa kasuwarta daban. Abu na farko da za ki yi da kowace tambaya shi ne raba makin da ke gefenta da adadin abubuwan da aka nema. A ce an tambaye ki siffofi biyar na tsarin mulkin Clifford na 1922, an rubuta maki 15. Kowace siffa maki uku ke nan. Mai makin ba zai ba da uku a kan kalma biyu ba. Abin da aka saba shi ne ambato tsurarsa ya ci ɗaya, sauran sai da bayani. Idan kika rubuta "an fara zaɓe" kika sauka layi na gaba, kin ci ɗaya. Gwada wannan kuma: "Tsarin ya shigo da zaɓen 'yan majalisar dokoki a karon farko a Nijeriya. An ware kujeru huɗu na majalisar dokoki da za a cike ta hanyar ƙuri'a, uku na Legas, ɗaya na Kalaba." Jimla biyu ce kacal, amma ta ɗauki hujjar, ta faɗi yadda abin yake, ta kawo adadi. Siffa ta gaba ma haka: "Ikon majalisar bai shafi Arewa ba. Gwamna ne ke yi wa lardunan Arewa doka ta hanyar shela." An gama, a wuce ta uku.

Kin ga tsawon da ake nema bai kai yadda ɗalibai ke zato ba. Da yawa idan aka ce musu amsarsu ta yi gajarta, sai su koma su rubuta shafi guda na gabatarwa kan zuwan Turawa da haɗe Kudu da Arewa a 1914, alhali babu layi ko ɗaya a tsarin makin da ke biyan wannan. Mai makin yana da tarin takardu a gabansa da wa'adin da zai mayar da su. Idonsa hujjoji yake farauta, yana kwatanta su da jerin da ke hannunsa. Ki sauƙaƙa masa: kowace hujja da lambarta da ɗan sakin layinta, jimlar farko ta faɗi hujjar kai tsaye, ɗaya ko biyu su biyo da bayani. Abu biyu ne ke yawan cin mutane a nan. Na ɗaya, maimaita hujja da wasu kalmomi: "majalisa tana yin doka" da "majalisa tana zartar da ƙuduri ya zama doka" abu ɗaya ne, sau ɗaya za a biya. Na biyu, shekarar da ba a tabbatar ba. Tsarin mulkin Richards na 1946 ne, na Macpherson 1951, na Lyttelton 1954. Idan kika ɗora siffar wani a kan wani, alal misali kika ce Clifford ne ya kafa majalisun yankuna, hujjar ta mutu gaba ɗaya komai kyan Turancinki. Idan kina shakkar shekara kuma ba a tambaye ta ba, gara ki bar ta.

To wannan hannun da kika koya a Gwamnati, na ɗora bayani a kan hujja, shi ne yake yanka ki a taƙaitawa, kuma nan nake so ki fi natsuwa. Sashen taƙaitawa a takardar Turanci ta WAEC maki 30 ne, kuma yawanci jimloli shida ake nema, kowace maki biyar. Tambayar za ta ce, misali, a jimla uku, ɗaya ga kowanne, a faɗi dalilan da marubucin ya bayar na gurgusowar hamada. A ce sakin layi na biyu na nassin ya yi dogon zance kan masu sare itatuwa don girki, da masu ƙona gawayi suna lodawa a manyan motoci zuwa birane, da matan da ke tafiyar kilomita da yawa neman kirare. Ɗalibar da ta saba da Gwamnati za ta rubuta: "Sare itatuwa yana jawo hamada, domin mutane suna yin girki da su, wasu kuma suna ƙona gawayi su kai birni, har mata suna shan doguwar tafiya." A Gwamnati wannan amsa ce mai kyau. A taƙaitawa kuwa ta ɗauko misalan da aka ce ta zubar, za a cire mata maki saboda kayan da ba a nema ba, kuma duk kalmar da ta ƙara wata ƙofa ce ta kuskuren nahawu, wanda shi ma ana cire rabin maki a kansa. Amsar da ake so ita ce: "Yawan sare itatuwa don makamashi yana jawo gurgusowar hamada." Kalma ɗaya, makamashi, ta haɗiye girki da gawayi da kirare. Gwanintar taƙaitawa ke nan, nemo kalmar da ta rufe misalai.

Amma kada ki zarce ki faɗa ɗaya ramin. "Sare itatuwa" kaɗai ba jimla ba ce, babu aikatau mai ɗauke da ita, kuma amsar da ba ta cika jimla ba rabin maki take samu. Wato abin da a Bayoloji zai ci maki cikakke, a nan an raba shi biyu. Kwafo jimlar marubucin yadda take, ba tare da an juya ta ba, sifili ne. Cusa dalilai biyu a jimla ɗaya, guda ake biya. Rubuta jimla biyar inda aka ce uku, ukun farko ake dubawa, ko da mafi kyawun amsarki tana ta huɗu. Idan kuma kika yi wa jimlolin shimfiɗa guda, irin "Dalilan su ne:", ki karanta shimfiɗar haɗe da kowace amsa ki ji ko sun yi jimla mai ma'ana, don a haɗe mai makin zai karanta su. Ni shawarata ki bar shimfiɗar, ki rubuta kowace jimla da ƙafafunta.

Insha'i, a takarda guda da taƙaitawa, shi ma nasa lissafin daban. Maki 50 ne: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsaftar rubutu, wato nahawu da ƙa'idar rubutu da alamomin tsayawa. A wannan goman na ƙarshe kowane kuskure rabin maki ne, ke nan kuskure ashirin sun cinye shi tas. Ana neman kalmomi kamar 450. Wadda ta rubuta 700 ba a ƙara mata komai don yawa, sai dai ta ƙara wa kanta wuraren tuntuɓe. Jimloli matsakaita da kika tabbatar da su sun fi dogaye masu manyan kalmomin da aka haddace.

A Bayoloji, musamman firaktikal, mai makin yana auna kalma ne kamar mai awon zinariya. Sunan sashen jiki ko na rukunin halitta idan harafi ɗaya ya kauce, makin ya tafi, alhali a Gwamnati kuskuren harafi a kalmar yau da kullum ba ya kashe hujja muddin ana gane ta. Ga misalin da ke nuna halin takardar. An ajiye ƙadangare da kwaɗo a kan tebur, an ce a kawo bambance-bambance uku da ake iya gani. Kalmar "gani" ita ce tarkon. Idan kika rubuta cewa kwaɗo yana yin ƙwai a ruwa, ƙadangare kuma a tudu, gaskiya ce, amma ba ki gan ta a kan teburin ba, sifili. Abin da ake gani shi ne ƙadangare yana da wutsiya, kwaɗo ba shi da ita. Fatar ƙadangare tana da ɓawo, ta kwaɗo babu. Yatsun ƙadangare suna da akaifa, na kwaɗo babu. Ki ja jadawali gida biyu, kuma kowane layi ya zama abu ɗaya ake gwadawa a ɓangarorin biyu. "Yana da wutsiya" a hagu, "yana da manyan ƙafafun baya" a dama, ba su fuskanci juna ba, layin bai ci ba, ko da kowannensu gaskiya ne. Idan tambayar ta koma kan yadda siffa ke taimakon dabbar, dole a haɗa siffar da aikinta: dogayen ƙafafun baya masu ƙarfi, don tsalle. Rabi ɗaya ba ya tsayawa shi kaɗai.

Zane ma a gutsuttsure ake biyansa: take, girman da aka ce (idan an ce tsawon santimita 8 zuwa 10, ki sa rula ki auna), adadin ninkin girma, layi guda siriri marar gashi-gashi, layukan nuni da aka ja da rula ba su gicciye juna ba kuma sun taɓa abin da suke nunawa, sunaye a kwance. Inuwa da kwalliya ba a biyansu. Fensir mai kaifi da rula sun fi baiwar zane amfani a wannan wurin.

Kimistiri da Fiziks sun ɗebo daga Lissafi sun ɗebo daga Bayoloji. A taitireshin ana rubuta karatun buret da lambobi biyu bayan ɗigo, 24.50 ba 24.5 ba, kuma karatun da suka kusanci juna, waɗanda tazararsu ba ta wuce 0.20 cm³ ba, su ake haɗawa a fitar da matsakaici. A Fiziks idan aka tambayi matakan kiyayewa, abin da kika yi ake so, a sigar abin da ya riga ya faru, tare da sunan kayan aikin: "na daidaita idona da ma'aunin rula don kauce wa kuskuren kallo ta gefe." Jimlar umarni irin ta littafi, "a kauce wa kuskure", ba ta nuna kin taɓa komai ba.

Yadda za ki gano wannan da kanki a kowane darasi kuwa, aikin yamma biyu ne ko uku. Ɗauko tambayoyin tiyori na shekaru biyar da suka wuce. Ja gida huɗu a littafinki: kalmar umarnin da tambayar ta fara da ita, adadin abubuwan da aka nema, makin da aka ware, da abin da kowane abu ya tashi idan an raba. Kafin ki gama shekara ta uku za ki ga tsarin ya fito. Inda abu ya tashi rabin maki ko ɗaya, kalma ko gajeren layi ya isa. Inda ya tashi biyu, hujja da dalili guda. Uku zuwa sama, hujja da bayani da misali ko adadi. Za ki kuma lura cewa kalmar umarni ɗaya tana canza nauyi daga darasi zuwa darasi: "faɗi" a Bayoloji layi guda ne, a Fiziks idan doka aka ce ki faɗi, sai kin kawo ta da sharaɗinta (dokar Ohm ba tare da "muddin zafi da sauran yanayin wayar ba su canza ba" gurguwa ce), a Gwamnati kuma makin da ke gefe ne zai gaya miki ko ana son bayani. Idan kalmar umarni da yawan maki suka yi kamar sun saɓa, bi makin.

Bayan wannan ki nemi rahoton manyan masu jarrabawa da WAEC ke fitarwa, wanda ake samu a shafinta na intanet, darasi-darasi, shekara-shekara. A ciki ana ɗaukar tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, a faɗi inda ɗalibai suka gaza da amsar da aka sa ran gani. Ki lura da tsawon waɗannan amsoshin da yadda aka gina jimlolinsu, don su ne mafi kusa da muryar mai makin da za ki samu. Littattafan tsoffin tambayoyi na kasuwa suna da amfani wajen tambayoyin, amma amsoshinsu mawallafa ne suka rubuta, wasu sun yi tsawo fiye da kima, wasu ma da kuskure. Sannan ki ɗauki tambaya ɗaya daga kowane darasi ki amsa, ki kai wa malamin da ya taɓa zuwa makin, ki roƙe shi ya nuna miki da jan biro daidai kalmar da ta ci maki. Duk abin da ya rage ba ja a ƙarƙashinsa, shi ne abin da za ki rage a gaba.

Tsakanin WAEC da NECO kada ki wahalar da kanki da yawa. Manhajar kusan ɗaya ce, kuma sau da yawa malaman sakandare ɗin nan ne dai suke zuwa makin duka biyun, don haka tazarar da ke tsakanin Gwamnati da Bayoloji a hukuma ɗaya ta fi wadda ke tsakanin Bayolojin wannan da na waccan. Bambancin da za ki fara cin karo da shi yana tambayoyin zaɓi: WAEC zaɓi huɗu take bayarwa, NECO biyar. Duk da haka ki karanta umarnin da ke shafin farko a ranar, domin adadin tambayoyin da za a amsa da rabon sassa suna iya canzawa. JAMB kuma kwamfuta ce ke makin, tambaya 180 cikin awa biyu, babu makin hanya babu na bayani. Tsanin nan na mita 8 idan ya fito a can, wadda ta danna 7.25 ta ci, wadda ta yi zane mai kyau a takardar gefe ta danna 7.28 ta tashi ba komai, don haka atisayen JAMB ki yi shi daban da na tiyori, da agogo a gabanki, daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya.